Goal Seek ya ce min a sayo buhu -145.83: lissafin albasar Mil 12 ya ƙi fita

Sani Agege: Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina riƙe wa kawuna lissafin albasar da yake saukewa a Mil 12 daga Aliero. Ya ce in duba masa buhu nawa zai ɗauko ya samu ribar naira miliyan 1. Ga yadda na jera abin a Excel:

```
B1 buhuna            500
B2 kuɗin saye        40000
B3 kuɗin sayarwa     55000
B4 ruɓewa            8%
B5 lodin mota ɗaya   300
B6 kuɗin mota ɗaya   2400000
B7 motoci            =ROUNDUP(B1/B5,0)
B8 dako da la'ada    1000
B9 riba              =B1*(1-B4)*B3-B1*B2-B1*B8-B7*B6
```

Na shiga `Data > What-If Analysis > Goal Seek`, na sa B9 a `Set cell`, 1000000 a `To value`, B1 a `By changing cell`. Da 500 a B1, sai ya yi ta juyi, ƙarshe ya rubuta `may not have found a solution`. Na share B1 na bar shi babu komai na sake gwadawa, sai ya ce `found a solution`, amma buhunan da ya ba ni -145.83 ne. Ina na yi kuskure?

Usman Obalende: Wa alaikumus salam. Ai sai ka kunna shi tukuna. `File > Options > Add-ins`, a ƙasa ka zaɓi `Excel Add-ins`, ka danna `Go`, ka sa alama a `Solver Add-in`. Zai fito a ƙarshen `Data`.

Sani Agege: Na gode ɗan'uwa, amma ba ɓacewa ya yi ba. Yana buɗewa, amsar ce ba ta shiga hankali.

Injiniya Mudi: Wannan matsalar ƙarancin zagaye ce. Goal Seek yana gwaji sau 100 ne kawai ya tsaya. Je `File > Options > Formulas`, ka mai da `Maximum Iterations` 10000, ka rage `Maximum Change` daga 0.001 zuwa 0.0000001. Kada dai ka bar alama a `Enable iterative calculation`, domin shi ne ke danne gargaɗin da Excel ke yi idan fomula ta koma tana cizon wutsiyarta.

Malam Bashir Akanta: Injiniya, gaskiya ne lambobin nan biyu su ne linzamin Goal Seek, kuma gargaɗinka na ƙarshe daidai ne. Sai dai a wannan lissafin ko sau miliyan aka ba shi ba a taɓa ciwon ba. Ciwon yana B7.

Sani, ajiye kwamfutar mu yi da hannu. Buhu ɗaya, bayan an cire kashi 8 cikin 100 na ruɓewa, yana kawo 50,600. Cire 40,000 na saye da 1,000 na dako da la'ada, saura 9,600. Wato kowane buhu da aka ƙara, riba na hawa da 9,600. Amma mota ba a biyan ta buhu-buhu a takardarka. Da zarar ka wuce 300 ko da buhu ɗaya ne, ROUNDUP ya kira mota ta biyu, miliyan 2.4 ta fita a take. A buhu 300 ribarka 480,000 ce. A buhu 301 ka faɗa asarar 1,910,400. Idan aka zana ribar nan, haƙoran zarto za ka gani: ta hau a hankali, ta rufto, ta sake hawa.

Shi kuwa Goal Seek bai san akwai wata mota ba. Yana ɗan motsa B1 ne, ya ga yadda B9 ya amsa, ya kintaci inda zai taka na gaba. A 500 ribarka sifili ce daidai, kuma ya ga tana hawa da 9,600, don haka lissafi ya nuna masa wajen 604. To 604 ya tsallake 600 da buhu huɗu, mota ta uku ta shigo, maimakon miliyan 1 sai ya tarar da asarar kusan miliyan 1.4. A idonsa an ƙara buhu riba ta ragu, yana iya juyawa baya, ya sake haurowa, ya sake ruftawa a bakin ramin nan na 600. Tsakanin 301 da 600 babu amsa sam, domin mafi girman ribar mota biyu 960,000 ce. Ka ajiye shi a unguwar da babu gidan da kake nema.

Sani Agege: Allah ya ƙara ilimi Malam. To shi -145.83 ɗin fa? Ya ce ya samu amsa.

Malam Bashir Akanta: Bai yi ƙarya ba, fomular taka ce ta ba shi dama. ROUNDUP nesanta lamba yake yi daga sifili ta kowane ɓangare. Rubuta `=ROUNDUP(-145.83/300,0)` ka gani, -1 zai ba ka. Mota -1 a B9 tana nufin direba ne ya ba ka miliyan 2.4. Cire asarar buhuna -145.83 sau 9,600, wato miliyan 1.4, saura miliyan 1 cif. Goal Seek ba shi da wajen da za ka gaya masa buhu ba ya zama ƙasa da sifili. Akwati uku kawai gare shi, babu na sharaɗi. Da ka bar B1 babu komai ka tsayar da shi a kan sifili, inda akwai tsalle hagu da dama, sai ya zame ta hagu.

Kafin ka sake danna shi, ka ga siffar abin da idonka. A D2 zuwa D25 jera 50, 100, 150 har 1200. A E1 rubuta `=B9`. Zaɓi D1 zuwa E25, shiga `What-If Analysis > Data Table`, ka sa B1 a `Column input cell`, ka bar ɗayan akwatin. Duba inda riba ta tashi daga ƙasa da miliyan 1 zuwa sama da ita ba tare da adadin mota ya canja ba. Nan za ka ɗauki lambar farawa.

Sani Agege: Na yi. A 850 ya ba ni 960,000, a 900 ya ba ni 1,440,000. Na sa 800 a B1 na sake kunna Goal Seek, nan take ya ce 854.1667. Sai na ce bari in gwada 1000, ya ba ni 1104.1667. Duka biyun B9 na nuna miliyan 1. Wanne ne na gaskiya?

Malam Bashir Akanta: Duka. Na farko da mota uku, na biyu da mota huɗu. Akwai wasu ma: 1354.17 da mota biyar, haka kowace mota ana ƙara buhu 250, har 2104.17 da mota takwas. Amsoshi shida ke nan a ɓangaren da ya wuce sifili, kuma Goal Seek ɗaya zai miƙo maka, wadda ƙafarsa ta fara kaiwa, ba zai ce maka akwai saura ba. Tun da tambayar kawunka ita ce mafi ƙarancin abin da zai ɗauko, ta mota uku ce taka. Kuma babu mai sayar da kashi ɗaya cikin shida na buhu, sai ka ce 855, riba 1,008,000. Idan ka sauko 854 ka kasa, 998,400 ne.

Injiniya Mudi: Na karɓa. Amma da ya ƙara zagayen, ba mamaki ya yi sa'a ya faɗa haƙori na uku da kansa.

Malam Bashir Akanta: Yana iya yi, yana kuma iya faɗawa na shida, ko ya koma ƙasa da sifili. Ba zan kai wa ɗan kasuwa lambar da sa'a ta haifa ba.

Ɗanlami Alaba Rago: Ni ban iya wannan kwamfutar taku sosai ba, amma akwai abin da ya tsaya min a wuya. Wane ne zai biya mota uku ya bar gurbin buhu 45 iska na shiga? Idan ka riga ka biya miliyan 7.2, ai cika ta za ka yi, 900, ka kwashi 1,440,000. Tambayar da Alhajin ya yi ce ba ta zauna ba. Ba buhu nawa ba, mota nawa.

Hajiya Rabi Idi-Araba: Ɗanlami ya faɗi magana, kuma za mu dawo kanta. Sani, jarin kawun naka nawa ne? Domin buhu 855 da mota uku sun tasam ma miliyan 42.3.

Sani Agege: Hajiya, abin da ya dawo da ni ke nan. Na kira shi ya ce miliyan 35 ce a hannunsa, ba ƙari. Sai na koma Solver tun da shi yana karɓar sharaɗi. Na ƙara B10 na jimillar abin da za a kashe:

```
B10  =B1*(B2+B8)+B7*B6
```

`Set Objective` na sa B9, na zaɓi `Value Of` 1000000, `By Changing Variable Cells` B1, sharaɗi `$B$10 <= 35000000`, hanya kuma na bar ta a `GRG Nonlinear` yadda na same ta. Ya ce `Solver could not find a feasible solution`. Na fara daga 500, daga 800, daga 100, duk amsa ɗaya.

Usman Obalende: Cire alamar da ke kan `Make Unconstrained Variables Non-Negative`, yawanci ita ke hana shi.

Hajiya Rabi Idi-Araba: A'a Usman, rufa masa asiri. Wannan alamar ce ke tare masa -145.83. Idan ya cire ta, ya buɗe wa Solver ƙofar da Goal Seek ya bi ya kawo masa motar da direba ke biyan mai kaya. Ana cire ta ne a inda lambar da ake nema ke iya zama ƙasa da sifili da gaske, kamar ragi ko ƙari a kan farashi.

Sani, saƙon da ka gani yana da fuska biyu, kuma sai ka bambance su. Ko dai sharuɗɗanka sun yi karo da juna, babu wata lamba a duniya da za ta cika su, ko kuma akwai amsa amma hanyar da ka zaɓa ba ta gan ta ba. `GRG Nonlinear` gangara yake bi daga inda ka ajiye shi, kuma ya ɗauka ƙasar sumul take. ROUNDUP, INT, CEILING, IF mai mataki-mataki da VLOOKUP na teburin farashi duk suna sa masa matattakala a hanya. Idan shi ya ce bai samu ba a irin wannan lissafi, abin da ya tabbata kawai shi ne bai samu ba a kusa da inda ya tsaya. Ba hujja ba ce.

Yadda za ka samu hujja shi ne ka cire matattakalar daga fomula, ka mai da ita sharaɗi. Wannan ita ce maganar Ɗanlami. Share fomular B7, ka rubuta lamba kawai, ko 1 ce. Yanzu mota ta zama abin da Solver zai zaɓa da kansa. A B11 ka rubuta `=B7*B5`, wato buhunan da motocin za su iya ɗauka. Sai ka sa B1 da B7 duka a `By Changing Variable Cells`, da waɗannan sharuɗɗa:

```
$B$1 <= $B$11
$B$1 = integer
$B$7 = integer
$B$10 <= 35000000
```

Na `integer` ɗin, a akwatin `Add Constraint` za ka zaɓi `int` daga jerin da ke tsakiya. Yanzu babu komai a lissafin sai tarawa da ninkawa da tsayayyun lambobi, don haka ka koma `Simplex LP`. Shi bai damu da lambar farawa ba, kuma idan ya ce babu, to babu.

Abu na ƙarshe, kada ka sa `Value Of` tukuna. Zaɓi `Max`. Idan kana zargin abin da kake nema ya fi ƙarfin sharuɗɗa, tambayi Solver iya inda za a iya kaiwa, ka kwatanta da burinka. Ya fi ka yi ta buga kai a bango kana canja lambar farawa.

Sani Agege: Na bi, amma ya ce `The linearity conditions required by this LP Solver are not satisfied`.

Hajiya Rabi Idi-Araba: Akwai saura ke nan. Danna B9, B10 da B11 ɗaya bayan ɗaya ka karanta abin da ke ciki. Ko ROUND ka naɗe wani da shi don ya yi kyau a ido?

Sani Agege: Wallahi haka ne. Daga baya na sa `=ROUND(...,-3)` a B10 don ya riƙa nuna dubu-dubu. Na cire. Yanzu ya ce `The Objective Cell values do not converge`.

Hajiya Rabi Idi-Araba: Wannan kishiyar na farko ne. Yana cewa riba na ta hawa babu abin da ya tare ta: ƙara mota, ƙara 480,000, har abada. Sharaɗin jari ya ɓace ko ya juye. Duba jerin.

Sani Agege: Da na sake shigar da su na bar shi a `>=`. Na gyara. Ga abin da ya fito: B1 714.29, B7 2.38, riba 1,142,857. Ashe ana iya wuce miliyan ɗin!

Ɗanlami Alaba Rago: Mota biyu da ɗigo 38? A wace tasha ake lodin ta?

Malam Bashir Akanta: Sani, shiga `Options` na Solver, shafin `All Methods`. Akwai alama a kan `Ignore Integer Constraints`, cire ta. Tun da kana wurin, `Integer Optimality (%)` yana zuwa da 1, mai da shi 0. Da 1 ɗin, ka yarje masa ya tsaya a duk amsar da ba ta yi nisan kashi 1 cikin 100 da mafi kyau ba. A kan ribar miliyan 1, naira 10,000 ke nan, fiye da ribar buhu guda. Ƙaramin lissafi irin naka ba zai ji nauyin 0 ba. Ka sa alama a `Use Automatic Scaling` kuma, domin kana da 2 a wani akwati da 35,000,000 a wani, irin wannan tazarar kan rikita shi.

Sani Agege: Yanzu: buhu 600, mota 2, riba 960,000, an kashe 29,400,000.

Hajiya Rabi Idi-Araba: To ga hujjarka. Da miliyan 35, rufin ribarka 960,000 ne, saura 40,000 a kai miliyan. Ashe GRG ya yi gaskiya da ya ce babu, amma da sa'a ya yi ta, yanzu ne ka san dalili. Kana iya tabbatarwa da biro: mota uku sun cinye miliyan 7.2, saura 27.8, wadda ke sayen buhu 678 a kan 41,000. Buhu 678 sau 9,600 bai kai kuɗin motocin ba, asarar 691,200 ce. Shi ya sa Solver ya bar miliyan 5.6 a aljihu bai taɓa ta ba. Duk inda ka ga ya bar jari yana kwance, wani sharaɗin ne daban ke riƙe da wuyansa, a nan kuwa cikar mota ce.

Ɗanlami Alaba Rago: Hajiya, ni a nan nake da ja. B10 ɗin nan ya ɗauka komai ana biya ne kafin mota ta tashi. Sau da yawa ba haka ake yi ba. Ana iya ba direba wani abu na mai a can, cikon sai an sauke kaya a Legas. La'ada kuwa ai daga cinikin ake cire ta, ba daga jari ba.

Malam Bashir Akanta: Wannan ya canja amsar, kuma ba ƙaramin canji ba. Mu ɗauki iyaka: a ce kuɗin mota gaba ɗaya sai an sauke. B10 ya zama `=B1*(B2+B8)`. Miliyan 35 ta sayi buhu 853, mota uku, riba 988,800. Har yanzu an kasa, da 11,200 kacal. Idan B8 ma ya fita daga jari, buhu 875 ne, riba 1,200,000, an wuce. Ka ga 1,000 ɗin nan da ba wanda ya kalla ita ce ke raba akwai da babu. Sani, raba B8 gida biyu, abin da ake biya wajen lodi da abin da ake cirewa bayan ciniki. B6 ma haka.

Hajiya Rabi Idi-Araba: Na yarda da lissafin, ban yarda da a dogara da shi ba. Kuɗin da za a biya direba ranar sauke kaya sai an same shi a ranar, albasar kuwa ba lallai ta ƙare a ranar ba, wani ma bashi zai ɗauka. Idan za a cire shi daga B10, to a ƙara wani sharaɗin na kuɗin da ke hannu ranar saukewa. In ba haka ba an share sharaɗi ne don Solver ya yi murmushi.

Ɗanlami Alaba Rago: Dillali na iya tsaya masa, ya danganta da yadda suke. Akwai kuma haɗaka. Ya cika mota biyu, ya saka ƙarin a motar wani. Idan kuɗin buhu ya tsaya 8,000 kamar na cikakkiyar mota, kowane ƙarin buhu na barin 1,600, buhu 25 sun cike 40,000 ɗin. Jimilla 625, kuɗi 30,625,000.

Malam Bashir Akanta: Daidai, kuma yana shiga Simplex ba wahala: sabon akwati na buhunan haɗaka, da nasa kuɗin. Amma a kula, gurbin siriri ne. Idan mai motar ya ce 9,000, buhu 67 ake buƙata. Idan ya kai 9,600, ko buhu nawa aka saka ba a ƙara sisi ba.

Zulai Apapa: Sannunku da ƙoƙari. Nawa ya ɗan bambanta amma Goal Seek ne. Ina neman farashin da zai ba da ribar kashi 10 cikin 100 na ciniki, yana cewa `found a solution`, akwatin na nuna 10%, amma idan na buɗe ɗigo sai in ga 9.94%. Kuma idan na fara da farashi babu komai sai `#DIV/0!` ya fito ya ƙi motsi.

Injiniya Mudi: To wannan kam tawa ce. A wajen Excel 10% ai 0.1 ne, kuma Goal Seek na tsayawa da zarar ya matso cikin `Maximum Change`, wato 0.001. Tsakanin 9.9% da 10.1% duk ya isa a wajensa. A kan ribar Sani ta miliyan 1, 0.001 ko kwabo bai kai ba, shi ya sa ba ta dame shi ba. A kan kaso kuwa babba ce. Ko ki rage lambar zuwa 0.0000001, ko ki bar saitin ki yi wani akwati:

```
=(B12-0.1)*1000000
```

B12 shi ne akwatin kason naki. Ki sa wannan sabon a `Set cell`, `To value` 0. Na fi son ta biyun domin tana tafiya da fayil ɗin duk inda aka kai shi. Shi kuma `#DIV/0!`, riba ake rabawa da ciniki, ciniki kuwa sifili ne idan farashi sifili ne. Ki fara da farashin jiya.

Malam Bashir Akanta: Injiniya ya rama. Bari mu auna girman abin da lambobin Sani. Buhu 900, mota uku, an kashe 44,100,000, buhu 828 suka tsira daga ruɓewa. Don riba ta zama kashi 10 na ciniki, ciniki ya zama 49,000,000, farashi 59,178.74. Kuskuren 0.001 a kason ya kai kusan naira 66 a buhu, sama da 54,000 a jimilla. Ya fi gurbin 40,000 ɗin da muke ta kokawa da shi tun ɗazu.

Sani, idan kawunka ya juyo ya ce yana son kashi 10 ta hanyar ƙara buhu, kada ka ɓata lokaci. Cikakkiyar mota na kawo cinikin 15,180,000 da ribar 480,000, kashi 3.16 ke nan, kuma mota goma ma kashi 3.16 ne. Goal Seek zai yi ta gudu da B1 ya dawo hannu rabbana, ba laifin lambar farawa ba, akwatin da aka ba shi ne ba ya iya kai wa can. B3, B2 ko B4 ne ke motsa kason.

Hajiya Rabi Idi-Araba: Kuma idan za ka sa kaso a matsayin sharaɗi a Simplex, kada ka sa rabawa, zai dawo maka da saƙon nan na `linearity`. Rubuta shi a miƙe: riba ta kai ko ta wuce 0.1 sau ciniki. Sai dai ka sa ido, buhu 0 da mota 0 sun cika wannan sharaɗin, don haka yana iya ce maka ya samu amsa alhali amsar ita ce kowa ya zauna a gida.

Usman Obalende: To `Evolutionary` da `Use Multistart` fa? Na ga ana cewa su ne maganin irin wannan.

Hajiya Rabi Idi-Araba: Suna da wurinsu, idan matattakalar ba ta ciruwa. `Use Multistart` GRG ne ake tayarwa daga wurare da yawa, `Evolutionary` kuma lalube yake yi da tarin lambobi. Duka biyun sai ka ba kowane akwati iyakar ƙasa da ta sama, misali B1 tsakanin 0 da 1200, kuma babu wanda zai rantse maka cewa abin da ya kawo shi ne mafi kyau, ko cewa babu amsa. Tun da na Sani ya miƙe, ba ya buƙatar su.

Sani Agege: Allah ya saka da alheri baki ɗaya. Na raba B6 da B8 kamar yadda Malam ya ce, na ƙara akwatin haɗaka. Na tambayi kawu nawa ake ba direba a Aliero, ya ce ya danganta da direban, wani rabi, wani ya fi. Da rabi, mota uku na cin miliyan 3.6 daga jari, saura 31.4, buhu 785 ko da an cire B8 gaba ɗaya, riba 336,000. Solver ya koma mota biyu abinsa.

Ɗanlami Alaba Rago: To saura haɗakar. Ka tambaye shi nawa ake karɓa a buhu wannan makon, kada ka sa 8,000 da ka.

Hajiya Rabi Idi-Araba: Kuma kashi 8 ɗin nan na B4, daga ina ya fito? Mai da shi 9 ka gani. Buhu ya koma barin 9,050, mota biyu 630,000. Ka kawo mana adadin da aka zubar a lodi ukun da suka wuce kafin mu ci gaba da maganar 40,000.

Sani Agege: Littafin yana rumfa, Hajiya. Gobe in Allah ya kai mu zan ɗauko hotonsa.